Jikka 405 da "Na Biya"

Innata mai tatsar man gujiya ce a Madarunfa. Tun ina ƙarama ƙamshin suyar gujiya ke tashe ni, kuma da kuɗin man nan aka kai ni har jami'a a Yamai, inda nake karatun ilimin harsuna. Shekara shida ke nan tana kai ma wata Hajiya mai gidan abinci a Maradi mai, kuma kusan rabin abin da take tatsa wajen wannan Hajiyar yake zuwa. Da yake gidan abincin yana dafa ma masu taron bita, suna da kwantabul, shi ya sa komai sai da faktir. Inna ba ta yi lakkwal ba. Ƙanena ke cika mata takardar, ita ta dangwala, a ba direban da ke kai bido-bidon, a biya bayan kwana 30. Haka aka saba, kuma ba a taɓa samun matsala ba sai a daminar 2024.

Da na zo hutu na tarar da faktir uku a ƙarƙashin katifarta. Mai lamba 17, ta ranar 5 ga Yuli, bido shida a kan jikka 30 kowane, jikka 180. Mai lamba 21, ta ranar 26 ga Yuli, bido huɗu da ƙuli-ƙulin jikka 15, jikka 135. Mai lamba 24, ta ranar 16 ga Agusta, bido uku, jikka 90. Duka jikka 405. Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai a jira, kuɗi ba su ruɓewa. Amma mai tatsar mai tana da lokaci guda a shekara, wato kaka, sa'ad da sabuwar gujiya ta cika kasuwa tiya ta yi araha. Abin da ta saya ta ajiye a Oktoba da Nuwamba shi za ta juya har bazara. In kuɗin suka zo a Janairu, adadinsu bai ragu ba, amma buhunan da za su saya sun ragu. To ga matsalar: in ta yi shiru kaka ta wuce ta, in ta matsa kuma ta rasa mai sayen rabin manta.

Na ce, "Inna, ki bar mini wannan. Abin da nake karanta ke nan."

Ta dube ni ta ce, "Biɗar bashi a ke koya muku can?"

Ba ita ake koya mana ba, amma a zangon da ya wuce mun yi darasi kan ladabin magana, mun karanta littafin Penelope Brown da Stephen Levinson na 1987. Abin da suke faɗa a taƙaice shi ne kowane mutum yana da fuska da yake karewa, kuma akwai maganganun da komai taushinsu sai sun taɓa fuskar nan. Nauyin taɓawar ya danganta da abu uku: nisan da ke tsakanin masu maganar, wane ne sama da wani, da girman abin da ake nema. Mu da muke da kalmomin mutunci da kunya da kara ba mu buƙatar a fassara mana wannan. Na lissafa nawa: Hajiya ta girmi Inna, ta fi ta ƙarfi, ni kuwa sa'ar ɗiyarta ce, abin da ake nema kuma jikka 405. Duka ukun sun yi mini nauyi. Sai na yanke cewa ba saƙo ɗaya zan rubuta ba, tsani zan yi, kowane mataki ya ɗara na baya kaɗan.

Tun a matakin farko Inna ta gyara mini abu biyu. Na rubuta jikka 405, ta ce a'a, ta ukun ba ta nuna ba, sai 15 ga Satumba kwananta 30 zai cika. Wanda ya haɗa bashin da bai kai ba da wanda ya wuce, ya ba mai bashi abin da zai riƙe ya yi gardama, kuma gaskiya tana gefensa. Abin da ya wuce lokaci a ranar jikka 315 ne. Na biyu kuma, ta ce kar in ambaci kuɗi sam. A ƙarshen Agustan nan ruwa ya yi ɓarna sosai a Maradi, gidaje sun faɗi, an rasa rayuka. Ta ce wanda ya aika ma mutumin Maradi lissafi a satin nan ba tare da jaje ba, ba kuɗi zai samu ba, suna zai yi. Ga abin da na tura ta WhatsApp ranar Litinin 2 ga Satumba:

"Assalamu alaikum Hajiya, ina kwana, ina gajiya. Ɗiyarku ce daga Madarunfa. Inna na gaishe ku, tana muku jajen ruwan nan, Allah ya tsare gaba. Ya iyali, ya ma'aikata? Ta ce in tambaya ko faktir ɗin nan biyu na watan Yuli sun iso wajen kwantabul, don wani lokaci takarda kan maƙale a hannun direba. In an samu hali a duba mana. Allah ya ƙara buɗi."

Ku lura da yadda aka gina shi, don a nan dabarar take. Gaisuwa ta cinye fiye da rabi. Babu kalmar bashi, babu adadi, babu rana. Aikatau na neman ma ba shi da mai shi: "in an samu", "a duba". Wannan wakilin suna na "a" da "an" babbar kyauta ce Hausa ta yi ma mai bin bashi, don yana nuna aiki ba tare da ya nuna mutum ba. Ba a ce wa zai duba ba. Sannan na ajiye mata ƙofar fita, wato direba. Ni na san takardun sun isa, ita ma ta san na sani. Amma in mantuwa ce kawai, tana iya cewa "af, sai yanzu aka kawo su", ta biya, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Amsa ta zo da yamma: "Wa alaikumus salam ɗiyata. Na gode. A gaida Innarki. Za a duba." Ta mayar mini da "a" ɗina. Na yi dariya, don makamin yana da kaifi biyu. Idan ban faɗi wanda zai duba ba, ita ma ba ta faɗi wanda zai duba ba.

Kwana tara na bari. Inna ta so sati biyu, ni na so kwana uku. Saƙon da ya biyo bayan kwana uku, ko da zuma aka rubuta shi, yawansa kaɗai ya zama tsawa. Wanda ya kai wata guda kuwa ya gaya ma mai bashi cewa ba a matsu ba. Tazarar da ke tsakanin saƙonni ita ma murya ce. Ranar Laraba 11 ga Satumba na tura na biyu:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da war haka. Maganar faktir mai lamba 17 ta jikka 180 da mai lamba 21 ta jikka 135 ce, duka jikka 315. Ga hotonsu nan. Ta farkon lokacinta ya cika tun 4 ga Agusta, ta biyun 25 ga Agusta. Muna shirin sayen gujiyar kaka, shi ya sa muke son mu san ranar da za ku iya turowa. Mun gode ƙwarai."

Abu uku suka motsa. Gaisuwa ta koma layi ɗaya. Lambobi da ranaku sun shigo. "A" ta fita, "mu" da "ku" sun shigo. Ban ƙara ko kalmar zafi ɗaya ba, amma duk wanda ya karanta ya san iska ta canza. A nan na fara gane cewa a Hausa ba da ƙara kalmomi masu kaushi ake ɗaga murya a rubuce ba, da rage matashin da aka shimfiɗa ne. Kuma tambayar ta sauya daga wadda ake amsawa da "to" zuwa wadda ba ta amsuwa sai da rana.

Washegari amsa ta zo, kalma huɗu: "To ɗiyata, na biya."

Na yi tsalle na gaya ma Inna. Ƙanena ya hau babur ya je wajen masu karɓar kuɗin da ake turowa, aka duba lambar Inna, babu komai. Aka ce ya dawo gobe. Ya koma, babu. Ya koma ranar Asabar, babu. Na kira kwantabul ɗin Hajiya, ya ce shi ba a ba shi umarnin fitar da ko dala ba. Raina ya ɓaci. Jinkiri daban, ƙarya daban. Daren Asabar ɗin nan, ban gaya ma Inna ba, na rubuta wannan:

"Hajiya, kin ce kin biya amma mun je sau uku babu komai, kwantabul ɗinki ma ya ce ba ki ba shi umarni ba. In ba za ki biya ba ki faɗa mana gaskiya."

Ko sallama babu. "Ku" ta zama "ki". Na saka ma'aikacinta a matsayin shaida a kanta. Na kuma kawo kalmar gaskiya, wadda duk wanda aka ce ya faɗe ta an riga an kira shi maƙaryaci. Daga mataki na biyu na dira na biyar. Alamar nan biyu ta koma shuɗiya, ta karanta, ba ta amsa ba.

Da safe ta kira Inna. Ina zaune ina jin muryarta daga wayar. Ta ce, "Ke, ɗiyan nan taki ni ta ka ce ma maƙaryaciya? Yaushe na ce na biya? Cewa na yi nâ biya!"

Sai da jikina ya yi sanyi. Ni ce ɗalibar ilimin harsuna, ni ce na ci jarrabawar karin sauti, kuma ni ce na faɗa ramin da ake koya mana a shekarar farko. "Na biya" a rubuce jumla biyu ce. In aka ja "na" da sautin sama, shuɗaɗɗen lokaci ne, an gama, kuɗi sun tafi. In kuwa sautin ya taso daga sama ya faɗo, "nâ biya", lokaci ne mai zuwa, irin wanda ba a ɗaure shi da rana ba, kamar yadda muke cewa "mâ gani" ko "kâ ji". Nahawu yana kiransa lokaci na gaba na biyu. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka alƙawari da cikawa sun zama harafi iri ɗaya a kan waya. Da saƙon murya ta aiko, da ko yaron goye bai ruɗe ba.

Zan ɗan tsaya a nan, don akwai abin da na gano daga baya wanda ya fi kuskuren nawa amfani. Ko da na karanta shi daidai, amsar ba ta da daɗi. Hajiya tana da "zan biya" a bakinta, ba ta zaɓe shi ba. "Zan biya" niyya ce da aka tsayar, ana iya tambayar mai ita yaushe. "Nâ biya" kuwa ta amsa bashin, ba ta musa ba, amma ta bar lokacin a hannun Allah. Na tambaye ta rana, ta amsa da lokacin da ba shi da rana. Wanda ya manta yakan ce "af". Wanda ke da ƙorafi a kan kaya yakan kawo ƙorafin. Wanda bai da niyyar biya yakan daina ɗaukar waya. Mai cewa "nâ biya" yawanci mutum ne da ya san da bashin, yake jin nauyinsa, amma aljihunsa babu, kuma girmansa bai bar shi ya ce babu ba. Amsar da ta dace da ita tambaya ce mai taushi: "Hajiya, an riga an turo ne, ko sai nan gaba?" Layi ɗaya. Da shi na tura, da ba a kai inda aka kai ba.

Inna ba ta yi mini faɗa a gaban waya ba. Ta ce ma Hajiya, "Yi haƙuri Yaya, yarinta ce, kin san ƴan lakkwal da takarda suka yarda." Da ta kashe ta juyo ta ce, "Magana zarar bunu ce. Ɗauki wayar ki yi mata da bakinki." Na yi saƙon murya na minti ɗaya da rabi. Na yi sallama cikakkiya, na ce na yi kuskuren karatu, na yi rashin kunya, ta yafe mini. Abu ɗaya Inna ta hana ni: kar in ce a bar maganar kuɗin, kar kuma in ce ba gaggawa. Ta ce ki ba da haƙuri a kan bakinki, ba a kan bashin ba. Wannan rarrabewar ban same ta a littafi ba. Mutane da yawa in suka yi zafi suka ji kunya, sai su biya kunyar da kuɗinsu, su ce "ba komai, duk lokacin da aka samu", bashin ya koma farko kamar ba a taɓa tambaya ba.

Lissafin ɓarnar da na yi shi ne wannan. Kafin saƙona, Hajiya ce ke jin nauyinmu. Bayansa, mu ne ke jin nauyinta. Na ba ta abin da za ta yi fushi a kai, kuma mai fushi ba ya jin kunyar bashi. Sati guda cur ba mu da bakin tambaya. A cikin satin faktir ta uku ta cika, bashin ya koma jikka 405, kuma Hajiya ta aiko direba a kawo bido biyar, kamar ba abin da ya faru. Ina ganin gwaji ne. Inna ta ce ma direban gujiya ta yanke mata, sai an sayo. Rabin gaskiya ne, don da gaske tsohuwar ta kusa ƙarewa kuma babu kuɗin sayen wata. Amma saƙon ya isa. Tsayar da kaya shi ne mataki mafi ƙarfi da ƙaramin mai sana'a ke da shi, kuma ta yi shi ba tare da ta ce ta tsayar ba.

Saƙo na uku mun rubuta shi tare, ni da Inna, ita tana faɗa ina gyarawa, ina faɗa tana gyarawa. Ranar Litinin 23 ga Satumba:

"Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kun tashi lafiya. Faktir uku ne yanzu, 17 da 21 da 24, jikka 405. Inna ta ce shekara shida kuna tare ba ta taɓa jin kanku ba, ta san akwai dalili. Ita ma tana da nata: in ba ta sayi gujiya a watan gobe ba, ba za ta samu man da za ta kawo muku da rani ba. In biya gaba ɗaya zai yi nauyi, ku raba shi uku, ku zaɓi ranakun da kanku, na farkon dai kar ya wuce Juma'a 4 ga Oktoba. Da zarar ya shigo bido biyar ɗinku za su taso. Kawu zai shigo Maradi ranar Juma'ar nan, zai biyo ya gaishe ku."

Wannan ya fi duk na baya tsauri, har da na rashin kunyar, don shi ne na farko da ke da wa'adi da sharaɗi. Amma ku dubi fuskar sharaɗin. Ina iya rubuta "in ba ku biya ba, ba mai", ma'anar ɗaya ce. Mun juya shi ya zama "da zarar ya shigo, za su taso". Na farkon barazana ne, na biyun alƙawari, kuma mutum yana iya karɓar alƙawari ba tare da ya ji an tanƙwara shi ba. Mun kuma bar mata zaɓin ranaku biyu, mun riƙe ɗaya. "Ku" ta dawo, kuma ba ta sake fita ba. Na lura cewa girmamawar ba ta rage ma saƙon ƙarfi ba, sai ma ta hana Hajiya wurin da za ta kama ta ce an ci mutuncinta.

Layin ƙarshe, na Kawu, shi ne ainihin hawan. A garinmu bashi yana canza nauyi ne ranar da mutum na uku ya sani. Kawu yayan Inna ne, dattijo, ya san mijin Hajiya tun suna samari. Ba a ce zai zo karɓar kuɗi ba, gaisuwa zai zo. Amma Hajiya ta samu kwana huɗu ta shirya abin da za ta gaya masa, kuma da gangan aka ba ta su. Da ya faɗo mata ba sanarwa, da ya zama kamu.

Akwai mataki na huɗu da na rubuta na ajiye a jakata, da Faransanci, bayan na tambayi wata ƙawata mai karatun shari'a. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, masu dokar kasuwanci iri ɗaya tun yarjejeniyar 1993. A ƙarƙashinta mai bin bashi yakan fara da takardar gargaɗin ƙarshe, wadda ke faɗin adadi da wa'adi, a aika ta hanyar da za ta bar shaidar an karɓa, ko ta hannun wusiye. In ba a biya ba, yana iya neman alƙali ya ba da umarnin biya ta gajeriyar hanya, muddin bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacinsa ya cika. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Ɗaya, bashin cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa ba ya jira har abada, shekara biyu doka ta ba shi, don haka mai kara da yawa yana iya wayar gari ba shi da abin kai wa kotu. Biyu, faktir da mai sayarwa ya rubuta shi kaɗai ba ta da ƙarfi kamar takardar da mai saye ya sa ma hannu cewa ya karɓi kaya. A cikin ukun namu, biyu ne kawai ke da sa hannun kwantabul. Ta ukun, mai jikka 90, ba ta da komai. Shaidarta ɗaya ita ce direba, da kuma in Hajiya ta amsa adadin a rubuce. Wannan ma yana cikin dalilin da ya sa na dage a saka lambobi a saƙo na uku.

Da na karanta ma Inna takardar na fassara, na kai inda doka ta yarda a ɗora ruwa a kan kuɗin daga ranar da aka aika gargaɗin, sai ta ɗaga hannu. Ta ce ba ta cin wannan, kuma ko ba shi, ranar da wusiye ya taka ƙofar Hajiya cinikin ya mutu, kuma duk mai gidan abinci a Maradi zai ji. Na yarda da ita. Takardar nan ba matakin tsanin ba ce, ƙofar fita ce daga gidan gaba ɗaya. Ana rubuta ta ne ranar da aka yanke cewa kuɗin sun fi abokin ciniki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda wasu ke ambaton kotu tun a saƙo na biyu alhali ba su da niyya. Mai bashi yana gane barazanar da ba ta da ƙafa, kuma daga ranar duk abin da ka faɗa ya zama iska.

Kawu ya je ranar Juma'a 27 ga wata. Ya dawo da labarin da saƙo uku ba su fito da shi ba. Hajiya ta dafa ma wata ƙungiya abincin taro har sau biyu, su ma ba su biya ta ba, takardunta suna can suna jiran sa hannu. Ga shi ruwan Agusta ya kayar mata da bangon madafa, ta kashe abin da ke hannunta wajen gyara. Ba za ta iya rubuta ma ƴar cikinta wannan ba, amma ta iya faɗa ma sa'an mijinta a zaure. A daren ta turo, a rubuce: "Na yarda da 405. 150 ranar 4, 150 ranar 25, saura ƙarshen Nuwamba." Na karanta "na yarda" sau uku, na kai ma Inna, na ce wannan dai wace "na" ce? Ta ce wadda ke da rana a bayanta.

Jikka 150 na farko sun shigo ranar 4 ga Oktoba da la'asar, bido biyar suka tashi washegari, da takardar karɓa da kwantabul ya sa ma hannu. Na biyun sun makara da kwana shida, sai 31 ga wata. A nan ma na so in rubuta, Inna ta ce wanda ya cika na farko ana ba shi sati. Sauran jikka 105 ba su zo a ƙarshen Nuwamba ba. Sun zo kashi-kashi, jikka 15 ko 20 a kan kowane kaya, har cikin Fabrairu. Inna ta sayi gujiya da jikka 300 a kan kari, sauran kuma ta saya da tsada, kuma ta ce bambancin ya kai kuɗin buhu biyu. Ba ta taɓa cewa satin da na ɓata ne ya jawo ba. Ni dai na lissafa.

Har yanzu Hajiya na sayen man Inna, sai dai ta rage, ta samu wata mai kawo mata daga wajen Jiratawa, ta raba cinikin biyu. Inna ma ta samu masu tuya biyu a Ɗan Isa da ke biya hannu da hannu. Faktir ta koma kwana 15, kuma ba a ɗora ta uku a kan biyu da ba a biya ba. Da na koma Yamai na ba malaminmu na nazarin ma'ana labarin, ya ce in tattara irin waɗannan saƙonni in yi aikin ƙarshen shekara a kansu. Na tara 23 zuwa yanzu daga ƴan uwa da maƙwabta, na goge sunaye. Ina neman ƙari, musamman na maza ƴan kasuwa tsakaninsu, don ina zargin su ba da wakilin suna suke hawa ba, da barkwanci ne.

Da Sallah ƙarama na bi Inna muka je gaishe ta. Ta ba ni turmin atamfa, ta riƙe hannuna ta ce ma Inna, "Wagga ita ce lauyar taki?" Na durƙusa na ce, "Hajiya, a yi haƙuri." Ta ce, "Nâ yi." Ta ja shi sosai, sautin ya faɗo, tana kallona tana dariya.